Jawabin Shugaba kan gidauniyar asibiti: ginin naira miliyan 12 ne abin da muke buƙata?

Sakataren ƙungiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa na gida da na waje. Waɗanda ba su samu zuwa taron Lahadi ba sun nemi a sanar da su abin da Shugaba ya faɗa, to ga shi a taƙaice.

Bayan addu'a da gaisuwa ga Mai Girma Dagaci da limamai, Shugaba ya ce asibitinmu na sha-ka-tafi ya yi wa garin kaɗan. Ɗakin haihuwa gado biyu ne, rufinsa yana yoyo, mata kuwa sun koma haihuwa a gida ko a ɗauke su a mota zuwa babban asibiti cikin dare. Don haka ƙungiya za ta kafa gidauniyar naira miliyan 20. Za a kashe miliyan 12 wajen gina sabon ɗakin haihuwa mai gado shida da banɗaki, miliyan 3 gadaje da kayan aiki, miliyan 2 magunguna, miliyan 2 katanga da ƙyaure, miliyan 1 kuma hidimar ranar ƙaddamarwa. Ya ce shi ne zai buɗe da dubu 500. Ya roƙi 'yan garinmu na Kano da Kaduna da Legas kada su bar mutanen gida su kaɗai da wannan nauyi, ya kuma yi alkawarin za a karanta lissafin ko sisin kwabo a bainar jama'a.

A wurin taron an samu alkawarin miliyan 6 da dubu 400. Abin da ya shigo hannu a ranar dubu 850 ne.

Alhaji Garba na Kwari:
Ma sha Allah. Allah ya saka wa Shugaba da alheri. Ku turo lambar asusu, mu na Kano za mu haɗa namu kafin Juma'a.

Hajiya Asabe:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada, niyya ce mai kyau, kuma zan bayar da abin da Allah ya hore. Amma tunda aikin ungozoma na yi har na yi ritaya, ba zan yi shiru ba.

Kafin a sa hannu a kan ginin nan, wani ya je ya roƙi mai kula da asibitin ya nuna masa rajista biyu: ta awon ciki da ta haihuwa. Ni na duba su a watan jiya da na je gaishe su. Matan da ke zuwa awo suna da yawa, ranar awo har a ƙasa ake zama. Waɗanda suka haihu a asibitin kuwa ba su fi goma sha ɗaya ba a watan. Gado biyu ya ishi haihuwa goma sha ɗaya, har da ragowa. Kenan ba rashin gado ne ke mayar da mata gida ba.

Ku duba lokacin da aka rubuta kowace haihuwa, za ku ga kusan duka da rana ne. Ungozoma ɗaya ce a wurin, ba a garin take kwana ba, ƙarfe huɗu ta hau mota. Naƙuda kuma ba ta san ƙarfe huɗu ba. Macen da ta san idan ta je bayan isha'i maigadi kawai za ta tarar, me zai kai ta? In muka gina gado shida ba mu taɓa wannan ba, gadaje shida ne za su kwana babu kowa a kai.

Alhaji Garba na Kwari:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma ni da nake yawon karɓo kuɗi a wurin 'yan kasuwa na san halinsu. In ka ce wa mutum za a yi gini, zai ba ka dubu 200, domin zai zo gida da Sallah ya gan shi a tsaye. In ka ce masa alawus za a biya ma'aikaciya, cewa zai yi wannan aikin gwamnati ne, ya miƙo maka dubu biyar. A yi ginin tukuna. Idan hukuma ta ga mun yi namu, kunya ma za ta sa ta turo ma'aikata.

Hajiya Asabe:
Alhaji, a kan halin masu bayarwa ka fi ni sani, ban musa ba. Amma batun kunya za ta sa a turo ma'aikata, na yi aiki a ƙauyuka inda aka yi gini mai kyau da fenti, shekaru suka wuce jemagu ne a ciki. Ba mugunta ba ce, ungozomomin ne ba su isa ba, kuma wadda aka turo ƙauyen da babu ɗakin kwana mai tsaro, babu ruwa, babu wuta, wata biyu take yi ta nemi canjin wuri.

Idan gini ake so mutane su gani, ga gini: ɗaki biyu da banɗaki da ɗan tsakar gida a cikin harabar asibitin, inda ungozoma za ta zauna da iyalinta. A gyara rufin ɗakin haihuwar da ke nan, a sa masa tayil a ƙasa don a iya wanke jini da kyau, a ja masa famfo. Wannan ba zai kai miliyan 12 ba, kuma shi ne abin da za mu riƙe a hannu mu je wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha da shi, mu ce ga masauki mun tanada, a taimaka mana da ungozoma ta biyu.

Maman Khalifa:
Anti Asabe, Allah ya biya ki. Matar ƙanena ce ta haihu a can bara da damina, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Sai da aka je gida aka taso jami'in lafiyan da ke zaune a garin. Allah ya saka masa, bai ƙi ba, amma da fitilar waya biyu aka karɓi haihuwar, ni ce na riƙe ɗaya. Ruwa kuma a jarka muka zo da shi daga gida. Da jini ya ƙi tsayawa ya ce allurar da ke wurin ta daɗe a zafi, bai yarda da ita ba, ya ba ta ƙwayoyi uku, ya yi ta murza mata mara har Allah ya kawo sauƙi. Ni dai ko me za a yi, a fara da wuta da ruwa.

Hajiya Asabe:
Ƙanwata, mutumin nan ya san aikinsa. Allurar ita ce oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta yi watanni a cikin kabad a zafinmu na bazara ƙarfinta raguwa yake, kuma ba za ka gane da ido ba, ruwan yana nan garau. Sai an yi ta, mahaifa ta ƙi tauri, ka taɓa mara ka ji ta laushi, jini na zuba, sannan ka san ba ta yi aiki ba. Ƙwayoyin da ya ba ta misofurostol ne, su ba sa buƙatar firji. Dole a ajiye duka biyun, tare da magneziyam salfet na masu jijjiga. Kun ga dai rashin wuta ba duhu kaɗai yake jawowa ba, har magani yake kashewa.

Injiniya Musbahu:
Tunda an zo kan wuta, bari in sa baki, sana'ata ce. Ban ga sola a lissafin Shugaba ba sam. Na yi ɗan ƙiyasi a kan ɗakin haihuwa da ɗakin kwanciya da baranda. Ƙwan fitila goma masu wat 10, awa 12 a dare, wat-awa 1,200 kenan. Fanka uku masu wat 60, awa 10, 1,800. Jimilla 3,000 kafin a sa firji. Batirin ruwa mai amfiya-awa 200 da bolt 12 yana ɗaukar 2,400, amma rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Kenan ana buƙatar aƙalla uku, gara a sa huɗu, ko kuma batirin litiyam guda mai kilowat-awa 5, wanda ya fi tsada amma ya fi daɗewa kuma ba a zuba masa ruwa.

Firji kuwa kada a sayo na gida a jona a wannan layin. Akwai firjin asibiti na musamman da ke aiki kai tsaye daga farantin sola ba tare da batir ba, yana tara sanyi da rana ya riƙe shi har gari ya waye. Irinsa hukuma ke rabawa don allurar rigakafi, a fara tambaya ko asibitinmu yana cikin masu samu.

Abin da ya fi kashe solar asibiti shi ne a mayar da ita wurin cajin waya na unguwa, wani ya jona dutsen guga. Alamar farko, wutar da ke kaiwa asuba ta fara ɗaukewa ƙarfe biyu. Aikin haɗawa ni zan yi kyauta, kayan kawai za a saya.

Malam Habu:
Ni abin da ban gane ba, idan muka kashe miliyan 20 asibitin ya zama na ƙungiya kenan? Domin in namu ne, sai mu ɗauki ma'aikatanmu mu sallami wanda ba ya zuwa aiki.

Sakataren ƙungiya:
A'a Malam, asibitin na gwamnati ne, kuma haka zai ci gaba da zama. Duk abin da muka gina a harabarsa mun ba da shi ne. Shi ya sa ma sai mun samu izini a rubuce kafin a haƙa ko rami ɗaya.

Malam Habu:
To in haka ne ni zakkata ta bana zan sa a ciki, in huta.

Malam Liman Ƙarami:
Malam Habu, a dakata tukuna. Waɗanda ake ba zakka Allah ya ƙidaya su guda takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, shi ne ba a gina masallaci ko katanga ko makamantansu da ita. Akwai malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar fi sabilillahi, amma bai kamata mu ɗora jama'a a kan saɓani ba alhali ga hanya a sarari. Gini da sola a yi su da sadaka, sadaka ce mai gudana. Zakka kuma a ba matalauciyar da ba ta da kuɗin magani ko kuɗin mota zuwa babban asibiti, a hannunta. In kwamiti zai karɓi zakka, to a ware mata littafinta daban, kada ta gauraya da kuɗin siminti.

Usman Akanta:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni magana biyu gare ni, ta farko a kan miliyan 2 na magani. Ba a faɗa mana raba shi za a yi kyauta ko sayarwa ba. In kyauta ne, ba zai ga ƙarshen damina ba, zazzaɓin cizon sauro kaɗai zai cinye shi, kuma ba za mu sake kafa gidauniya duk bayan wata huɗu ba. Abin da aka saba shi ne asusun magani mai juyawa, tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi a Bamako tun 1987. A sayo magani da sari daga wuri mai inganci, a ɗora riba kaɗan, abin da aka sayar a sake sarowa da shi. Abin naira 1,000 a sayar 1,150, ɗari da hamsin ɗin ta biya kuɗin mota da wanda ya lalace da na marasa hali.

Inda yake mutuwa shi ne bashi. A ce bayan wata uku an ƙirga, maganin da ke kan kanta na miliyan 1 da dubu 100 ne, kuɗi a asusu dubu 600, bashi a littafi dubu 300. A takarda miliyan 2 ta cika. A zahiri dubu 300 ɗin nan tana hannun mutanen da ba wanda zai iya zuwa ƙofar gidansu ya ce su biya, kuma ribar da ya kamata a gani a sama babu ita. Ga farashin magani yana tashi, kuɗin da ya sayo kwali goma bara bana takwas zai sayo. Saboda haka duk ƙarshen wata mutum biyu da ba su ne ke sayarwa ba su ƙirga kaya da kuɗi, a kafe sakamakon a bango.

Ta biyu, Alhaji Garba ya ce a turo lambar asusu. Asusun wa? Ƙungiya tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Domin banki ba zai buɗe mana asusu da sunan ƙungiya yadda ya kamata ba sai da takardu da amintattu. Ina roƙo kada a tara kuɗin nan a asusun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne. Ba zargi ba ne. In ya faɗi ya mutu, kuɗin sun shiga cikin gado sai an yi shari'a.

Baba Ɗanjuma:
Yaro ya yi magana. Mu da muka ga gidauniyar makarantar Islamiyya mun san yadda ake yi. Ranar ƙaddamarwa mai sanarwa yana ta kiran miliyoyi ana kabbara, da aka zo karɓa ko rabi ba a samu ba. An riga an sa harsashi da faɗi daidai da alkawari, ginin ya tsaya a linta shekara da shekaru. Ku dubi naku ma, miliyan 6 da ɗoriya a baki, dubu 850 a hannu. Kada a auna gini da abin da aka faɗa a lasifika. Sannan miliyan ɗayan nan ta rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi, ni ban yarda da ita ba. A yi a filin makaranta bayan la'asar, kowa ya ci abinci a gidansa.

Alhaji Garba na Kwari:
Baba, a nan kam zan saɓa maka, ka yi haƙuri. Babban baƙo ɗaya in ya ji an karrama shi zai iya ba da abin da ya ninka miliyan ɗayan sau uku. Ba a kamun kifi da ƙugiya babu tana. A rage dai, amma kada a soke.

Shugaba:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma na gode. Ban yi fushi da kowa ba, wanda bai damu da abu ba ba ya tsayawa ya rubuta wannan.

Hajiya Asabe, Yaya, ga dalilin da ya sa muka sa gini a gaba. Kun san BHCPF, asusun tallafa wa asibitocin matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ta kuma ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Da aka fara, asibiti ɗaya aka ɗauka a kowace mazaɓa, ana tura masa kuɗin gudanarwa kai tsaye duk wata uku. A mazaɓarmu na garin maƙwabta aka ɗauka, domin ya fi namu ɗakuna da ma'aikata. Tunaninmu shi ne in muka ɗaga namu, gobe in za a ƙara asibitoci muna da bakin magana. Ban ce tabbas ba ne.

Batun asusu, Usman, rajistarmu ba ta kammala ba. Dubu 850 tana wurin Ma'aji da rasit. Na yarda kada a turo ko kwabo daga waje sai an buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, biyu su sa kafin a fitar, kuma saƙon banki ya riƙa shiga wayar wani da ba ya cikin masu sa hannun. Ina so kai ka riƙe wannan.

Sola kuskure ne da ba ta shiga ba, za ta shiga. Amma ba zan iya soke ginin ni kaɗai a nan ba. A gaban Dagaci aka faɗe shi, wasu kuma saboda shi suka yi alkawari.

Hajiya Asabe:
Ranka ya daɗe, ban ce a soke ba, jeri nake so a canza. Masauki da ruwa da wuta da gyaran rufi su zo farko, da kuɗin da suka shigo hannu. Sabon ɗaki ya biyo baya idan rajista ta nuna haihuwa ta ƙaru har gado biyu ya kasa. Masu tantance asibiti ma ba bango kaɗai suke dubawa ba, suna tambayar ma'aikata nawa ne, ana aiki dare da rana ko a'a.

Sannan a yi lissafin abin da ba ya ƙarewa. In hukuma ba ta turo kowa ba, muka ce za mu ɗauki ungozoma biyu na wucin gadi da izininta, ko a mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa a 2024 ne, dubu 140 kenan a wata, miliyan 1 da dubu 680 a shekara. Gidauniya sau ɗaya ake yin ta, albashi kuwa duk wata ne. Wannan sai dai karo-karo. Mutum 200 su ɗauki dubu ɗaya-ɗaya a wata ya isa har da man mota na gaggawa. A kuma zauna da direbobin tasha a samu uku ko huɗu da za a iya kira da dare, a rubuta lambobinsu a bangon ɗakin haihuwa, domin akwai matsalar da ko likita ne a asibitinmu sai an tura ta inda ake ƙarin jini da tiyata.

Usman Akanta:
Na karɓa, Shugaba. Amma Anti, karo-karon wata-wata nan ma ina da shakka. Kuɗin ƙungiya na naira 500 mutum nawa ne ke biya a kan lokaci? Sakatare ya faɗa mana gaskiya. Kada mu ɗauko 'yar mutane daga wani gari, wata na huɗu mu kasa biyanta.

Sakataren ƙungiya:
Waɗanda ba a bin su bashi ba su kai saba'in ba.

Maman Khalifa:
To a ba mu mata wannan ɓangaren. Muna adashi shekara da shekaru ba a taɓa cin na kowa ba. Kuma ina roƙo a sa mace ko biyu a kwamitin, tunda ɗakin haihuwa ake magana, sunaye tara da aka karanta ranar Lahadi duk maza ne.

Alhaji Garba na Kwari:
Sa mata a kwamiti daidai ne. Amma ni har yanzu ina kan bakana. Mutanen da na yi wa magana sabon gini na ce musu, in na koma na ce masauki da famfo ne, wasu za su janye. Sai dai Shugaba ya zo Kano da kansa ya yi musu bayani.

Shugaba:
Zan zo in Allah ya yarda. Kafin nan, Sakatare ka rubuta wa mai kula da asibiti da shugaban kwamitin cigaban mazaɓa, mu zauna ranar Asabar bayan azahar, a zo da rajistar wata goma sha biyu. Musbahu ka kawo farashin kayan sola daga shago biyu. Yaya Asabe da Maman Khalifa ku zo, a nemo magini ya auna mana masaukin da gyaran rufin, mu ga nawa ne a kan miliyan 12 ɗin.

Baba Ɗanjuma:
Miliyan ɗayan rumfa fa? Ba a ce komai a kanta ba.

Shugaba:
Ita ma Asabar ɗin, Baba.